Jadawalin Aiki: Wa Zai Yi, Yaushe, Ina Aka Kwana?

Duk wanda ya taɓa zama a taron ƙungiyar unguwa ya san yadda ake tashi. An yi muhawara, an amince za a gyara kwalbatin bakin layi, a yashe kwata kafin damina. Shugaba ya ce "kwamiti zai duba", aka shafa fatiha, kowa ya nemi takalminsa. Sai an yi ruwan farko, kwata ta tumbatsa ta shiga zauruka, sannan a fara tambayar wa aka ɗora wa aikin. A duba littafin sakatare, a tarar ba sunan kowa.

Maganin wannan ba ya wuce takarda ɗaya da aka ja wa layuka, aka raba ta gida biyar: aikin da za a yi, wanda ke da alhakinsa, ranar farawa, wa'adin gamawa, da inda aka kwana. Masana'antu sun daɗe da irin wannan. Tun wajen 1910 wani injiniya Ba'amurke, Henry Gantt, ya yaɗa zanen da ke nuna tsawon kwanakin kowane aiki, har yau da sunansa ake kiransa. Amma ƙungiyar unguwa ba ta buƙatar komai bayan kwali, rula da biro.

A ce layi ne mai gida 60 a Kano, ana so a zuba sabon murfin kankare a kan kwalbati, a kuma yashe kwata. A nan ruwa kan fara sauka tsakanin Mayu da Yuni, don haka ƙungiya ta tsayar da 15 ga Mayu a matsayin ranar da komai zai kammala. Kuskuren da aka fi yi shi ne a fara lissafi daga yau a nufi gaba. Daga wa'adi ake farawa, a riƙa dawowa baya. Kankare kan ɗauki kwana 28 kafin ya kai ƙarfin da ake auna shi da shi, kuma ba mai hankalin da zai bar motar yashi ta hau shi kafin nan. Idan aka cire kwana 28 daga 15 ga Mayu, an dawo 17 ga Afrilu, ranar da dole a gama zuba kankare ke nan. Kafin a zuba sai an sayo siminti, rodi, tsakuwa da yashi. Kafin a sayo sai kuɗi sun taru, kuɗi kuma ba a karɓar su sai magini ya faɗi abin da aikin zai ci. Kafin ka ankara, aikin da ake ganin na watan Mayu ne ya koma na farkon Maris. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ga yadda takardar za ta kasance ran 5 ga Afrilu:

| Aiki | Mai alhaki | Farawa | Wa'adi | Inda aka kwana |
|---|---|---|---|---|
| Karɓo ƙiyasin magini a rubuce | Sakatare | 8 Maris | 14 Maris | An gama |
| Karɓar gudummawar gida 60 | Ma'aji | 15 Maris | 9 Afrilu | Ana yi: gida 38 sun biya |
| Samo izinin rufe layi | Shugaba | 16 Maris | 10 Afrilu | Ya tsaya: takarda na jiran sa hannu |
| Sayo kayan aiki | Mataimakin shugaba | 10 Afrilu | 14 Afrilu | Ba a fara ba |
| Zuba kankare | Mai kula da magini | 15 Afrilu | 17 Afrilu | Ba a fara ba |
| Ba kankare ruwa safe da yamma | Mai gidan bakin kwalbati | 18 Afrilu | 24 Afrilu | Ba a fara ba |
| Gayyar yashe kwata da kwashe shara | Shugaban matasa | 25 Afrilu | 26 Afrilu | Ba a fara ba |

A takarda ta gaske sunan mutum ake rubutawa, ba muƙaminsa kaɗai ba, kuma suna ɗaya tak. Nan ne rigimar take. Mu mutane ne masu kara, rubuta "matasa" ko "kwamitin ayyuka" ya fi mana sauƙi da a nuna mutum da yatsa a bainar jama'a. Sai dai aikin da aka rubuta wa mutum goma, kowannensu yana kwana da tunanin ɗayan ya yi. Mai alhaki ba shi ne zai ɗauki shebur shi kaɗai ba. Shugaban matasa zai tara samari talatin ranar gayya, amma idan baro bai zo ba, shi za a tambaya. Kada kuma a rubuta sunan wanda bai zo taro ba. Mutum ya faɗa da bakinsa cewa ya karɓa, ya amince da wa'adin, sannan biro ya taɓa takarda. Wanda aka yanka wa rana yana kasuwa, gobe zai ce da shi ba a yi ba, kuma yana da gaskiya.

Yadda ake rubuta aikin kansa ma abin lura ne. "Maganar kuɗi" ba aiki ba ce, domin ba ranar da za a ce an gama ta. "Karɓar gudummawar gida 60" kuwa ana iya ƙirgawa. Haka "tuntuɓar magini": an gaisa da shi a masallaci ma ai an tuntuɓe shi. Abin da ake so shi ne ƙiyasi a rubuce, buhu nawa, rodi nawa, kwana nawa.

Gidan ranar farawa shi mutane suka fi rainawa, wai wa'adi ya wadatar. To, wa'adi ba ya magana sai ranar da aiki ya riga ya lalace. Ranar farawa ita ke yin kururuwa da wuri. Idan 18 ga Maris ta yi ma'aji bai ƙwanƙwasa ƙofar kowa ba, an san akwai matsala tun saura mako uku.

Gidan ƙarshe kuwa, kalma huɗu sun ishe shi: ba a fara ba, ana yi, ya tsaya, an gama. A kori "ana nan ana ƙoƙari" da "saura kaɗan", don aiki kan shekara yana saura kaɗan. Duk wanda ya ce ana yi ya kawo adadi, wanda ya ce ya tsaya ya faɗi abin da ya tsayar da shi. Ba abin kunya ba ne, hasali ma wannan ce kalmar da ta fi amfani a takardar, domin ita ke sa wani dattijo a taron ya ce, "Bar min wannan, gobe zan raka ka sakatariya."

Sake duba jadawalin. Saura kwana huɗu wa'adin ma'aji ya cika, gida 22 ba su biya ba. Idan kuɗi suka makara da kwana biyar, sayayya ta makara, kankare ya koma 22 ga Afrilu, buɗe layi ya koma 20 ga Mayu. Gayyar yashe kwata fa? Ko an ɗaga ta da mako guda ba abin da zai taɓu, don ba aikin da ke jiranta. Saboda haka taron wannan makon na ma'aji ne: a raba gidajen 22 ga mutum huɗu, ko a nemi mai shagon siminti ya ba da rabin kaya bashi. Ba ranar da za a ɓata awa guda kan wa zai kawo kunu ranar gayya ba ce.

Idan dole ta sa aka ɗaga wa'adi, kada a goge tsohuwar ranar. A ja mata layi, a rubuta sabuwa a gefenta, yadda aikin da aka ɗaga sau uku zai tona kansa. A kuma duba kalanda tun farko, domin azumi da salla kan matso da kamar kwana 11 kowace shekara, kuma ba wanda zai fito yashe kwata da tsakar rana yana azumi a zafin Afrilu. Mutum ɗaya ke riƙe da biro, wato sakatare. Ya gyara takardar a gaban kowa ranar taro, ya ɗau hotonta ya tura zauren WhatsApp, kwalin kuma ya koma bangon zauren mai unguwa, inda matan da suka biya nasu kason za su iya aiko yaro ya karanto musu inda aka kwana.