Daga kyamara zuwa babban allo: yadda muka ɗauki hotunan yaye ajinmu

Bara, da nake aji ɗaya, 'yan ajin ƙarshe na sashenmu suka ba ni aikin hotunan kundin yayensu. Mutum 46 na ɗauka a yini ɗaya, kowane na leƙa ƙaramin allon bayan kyamara na ce ya yi. Sai da dare, da na buɗe su a kwamfuta, na ga mutum 9 idanunsu sun yi dishi-dishi, fokas ya tafi kan hula ko kafaɗa. Uku daga cikinsu sun riga sun kama hanyar gida, an kuma mayar da rigunan haya. Kuɗinsu na mayar, ga kunya.

Allon bayan kyamara inci 3 ne kacal, kuma a wannan ƙanƙantar kusan kowane hoto kyau yake yi. Shi ya sa bana, da layi ya zo kan ajinmu, na ɗaure kyamara da laftof, laftof kuma da talabijin mai inci 43, ta yadda ina dannawa hoton zai fito kowa ya gani. Ga yadda aka yi, ko wani zai amfana.

Kayan aikin ba su da yawa. Kyamarar da muka ara Canon EOS 80D ce, sai laftof mai Windows, da wayar USB, da wayar HDMI, da talabijin. Manhajar kuwa EOS Utility ce, wadda kamfanin ke bayarwa kyauta a shafinsa. Masu Nikon suna da NX Tether, ita ma kyauta, mai Lightroom Classic kuma zai samu irin wannan aikin a ƙarƙashin File, a wurin Tethered Capture. Amma ɗaya za ka buɗe, domin idan manhaja biyu suka nemi kyamara a lokaci guda, wadda ta riga kamawa ita ke hana ɗayar gani.

Kafin ka soka waya, ka gyara abu biyu a cikin kyamara. Na farko, ka kashe Wi-Fi, wato ka mai da Wi-Fi/NFC zuwa Disable. A wannan kyamarar, muddin Wi-Fi yana kunne, kwamfuta ba za ta gan ta ta waya ba. Wallahi kusan minti ashirin na ɓata ina zargin waya kafin na gano haka. Na biyu, ka mai da Auto power off zuwa Disable, don kada kyamara ta yi barci yayin da kake gyara wa wani hula, haɗin ya yanke. Ka sani batir zai fi saurin ƙarewa, don haka ka ajiye na biyu a caji.

Daga nan sai ka haɗa wayar, ka kunna kyamara, ka buɗe manhajar, ka zaɓi Remote shooting. A cikin Preferences akwai Destination Folder, inda za ka nuna mata foldar da hotuna za su riƙa sauka. Akwai kuma wurin zaɓar inda za a adana hoto. Ka zaɓi kwamfuta da katin kyamara duka biyu. Idan ka bar shi a kwamfuta kaɗai, ranar da laftof ta sami matsala ba ka da wani kwafi.

Maganar saurin fitowar hoto tana hannun nauyin fayil. Kyamarar nan USB 2.0 take da shi, wanda a aikace ba ya wuce megabayit talatin da 'yan kai a sakan, sau da yawa ma bai kai ba. Fayil ɗin RAW ɗinta ya kusa megabayit 30, JPEG babba kuwa bai kai 8 ba. Da na fara da RAW, sai na ga ana ɗan jira kafin hoto ya buɗe, idan kuma na danna sau huɗu a jere sai su yi layi. Mafita ita ce na sa kyamara a RAW+JPEG, na kuma zaɓi a turo JPEG kaɗai zuwa kwamfuta. RAW yana zaune a kati don gyara daga baya, JPEG yana fitowa a allo kafin mutum ya sauke murmushinsa.

Talabijin shi ne mafi sauƙi. Ka haɗa HDMI daga laftof, ka danna maɓallin Windows tare da P, ka zaɓi Extend. Sai ka ja tagar Quick Preview, wadda ke nuna hoton ƙarshe, zuwa talabijin ka faɗaɗa ta. Kai kana ganin maɓallan aiki a laftof, mai hoto yana ganin fuskarsa kawai. Sai dai a kula, talabijin yana da ƙarin gishiri. Idan yana kan Vivid ko Dynamic, zai ƙara haske da kala, fata ta yi ja, ka rage fitila alhali hoton lafiyarsa ƙalau. Ka mai da shi Standard ko Movie. Ni da talabijin nake duba fokas da tsayuwa da zaman hula, hukuncin haske kuwa sai na duba zanen Histogram.

Inda aka fi samun matsala shi ne wayar USB. Iyakar USB 2.0 mita 5 ce, in ka wuce haka sai da waya mai ƙarfafa sigina a jikinta. Sannan ba kowace waya ke ɗaukar fayil ba, wasu na caji ne kawai, za ka soka amma kwamfuta ta yi shiru. Abin da ya fi haɗari shi ne ramin da wayar ke shiga a jikin kyamara, domin ƙarami ne kuma a manne yake da kayan ciki. Wani ya taka waya ta fizge, gyaran ba na kuɗin ɗalibi ba ne, balle kyamarar aro. Na naɗe wayar sau biyu a ƙafar kyamara, na ɗaure ta da roba, na bar ɗan sako-sako kusa da ramin, sauran kuma na liƙe a ƙasa da salatif. In an ja, ƙafar ce za ta ji.

Duk da haka sau ɗaya haɗin ya yanke, lokacin da aka ɗauke wuta laftof ta koma kan batir. Alamar ita ce ka danna, fitila ta haska, amma allo yana nan kan hoton baya. Windows yana rage wa ramin USB wuta don tattalin batir. A cikin Power Options na nemo USB selective suspend setting na mai da shi Disabled, na kashe kyamara na kunna, aka ci gaba. Hotuna biyun da na ɗauka a tsakani suna nan a kati.

Ranar na tsaya a 1/125, f/8, ISO 100, na ɗauki mutum 52. Kowa sai na faɗaɗa hotonsa zuwa 100% a kan ido kafin ya tashi. Wata 'yar ajinmu mai tabarau ta kalli allon ta ce, "Malam, ai fitilarka ce a idona, ba idona ba." Gaskiyarta, hasken ya kwanta a gilashin. Na ɗaga fitilar sama kaɗan, ta sunkuyar da haɓa, muka sake. Mutum 7 aka sake wa hoto nan take, suna sanye da rigarsu.

Abu ɗaya zan canza in zan sake: zan juya talabijin ya ba masu jira baya. Da suna gani, kowane hoto sai an yi masa sharhi da dariya, masu kunya kuma suka kasa sakin fuska.