Rahoton Wata na Tashar YouTube: Inda Ya Kamata Mai Kasuwanci Ya Duba

Mai shagon da ke biyan wani ya kula masa da tashar YouTube yana karɓar rahoto a ƙarshen wata, kuma alƙaluman daga YouTube Studio ake ɗebo su. Yawan kallo ne ake fara nunawa, alhali shi ne ya fi ruɗi, domin talla na iya kumbura shi.

Abin da ya fi auna aiki shi ne tsawon lokacin da mai kallo ke tsayawa. A ce mai sayar da atamfa ya samu kallo 10,000 a bidiyon minti 6, amma matsakaicin kallon daƙiƙa 40 ne. Ke nan yawancin mutane sun tafi tun kafin a faɗi farashi da lambar waya a minti na 5. Gyaran shi ne a dawo da su farkon bidiyon.

YouTube ba ya ƙirga cinikin shago. Don haka sai mai shago ya riƙa tambayar masu saye inda suka ga kayan, ya rubuta, sannan ya gwada ribar da ladan mai kula da tashar.