Ba Kowane Ɓatan Wata Ne Ciki Ba

A ƙasar Zuru, kamar sauran wurare, watannin Mayu da Yuni na 'yan aji shida ne. Daga Rikoto zuwa Dabai, duk gidan da ke da mai rubuta jarrabawar WAEC za ka tarar da fitila a kunne har tsakar dare. Iyaye sun san da kuɗin rajista da na darasin yamma, amma kaɗan ne suka san cewa wahalar waɗannan makonni tana iya tsayar da al'adar yarinya, kuma jinin kan iya ci gaba da jinkiri har bayan an ajiye biro. Wannan rashin sani ya sha jawo wa 'yan mata duka da zagi, wasu ma har da shan abin da ya kwantar da su a asibiti.

Ga labarin wata budurwa 'yar shekara 18 a cikin garin Zuru. Ba sai an ambaci sunanta ba, domin irinta suna da yawa.

Al'adarta ba ta saɓa lokaci: kwana 28, jini ya zo. Ta ga jini ranar 10 ga Mayu, saboda haka ranar 7 ga Yuni take sa ran na gaba. A tsakanin nan jarrabawa ta kankama. Barcinta bai fi awa uku ko huɗu ba, tana tauna goro don kada ta yi gyangyaɗi, karin kumallo kuwa sai ranar da ta tuna. Ga tsoron lissafi, ga maganar mahaifinta da ke yi mata yawo a kai, cewa in ta faɗi ba shi da kuɗin sake biya mata. Ana cikin haka zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da ita kwana uku. Siket ɗin makarantarta sai da ta riƙa kama shi da fil.

Ranar 7 ga Yuni ta wuce shiru. Ba ta damu sosai ba, hankalinta na kan takarda. Ta gama jarrabawa wajen 20 ga wata, ta dawo gida tana ci tana barci, jini dai bai zo ba. Mahaifiyarta ce ta fara lura, domin tun tsakiyar Mayu ba ta ga yarinyar ta yi fashin salla ba. (A gidajen Kirista, waɗanda ba su da kaɗan a Zuru, audugar mata da ba a taɓa ba ce ke tona irin wannan.) Da dare ta kira ta ɗaki ta tura ƙofa.

"Ke, yaushe rabonki da ganin baƙonki?"

"Tun kafin mu shiga jarrabawa, Inna."

"Jarrabawar da aka gama tun yaushe? Ki gaya mini gaskiya tun muna mu biyu. Wane ne?"

Yarinya ta fashe da kuka tana rantsuwa babu namijin da ya taɓa kusantarta. Kashegari aka aika wa goggonta. Goggo ta kama tafin hannunta ta duba, ta ja fatar idonta ƙasa, ta ƙura wa ramin wuyanta ido, sannan ta ce yarinyar ta yi fari, wuyan kuma yana harbawa. Shawararta ita ce a jiƙa kanwa da lemon tsami a ba ta, ko mene ne zai sauko.

Allah ya taimaka akwai wata maƙwabciya ma'aikaciyar jinya. Ita ta hana, ta ce a bari gari ya waye. Da safe ta zo da tsinken gwaji da ta saya a kemis, ta ba yarinyar wani ɗan kofi mai tsabta ta yi fitsarin farko a ciki. Ta tsoma bakin tsinken iya layin da aka shata, ta ciro ta kwantar da shi a kan tire, ta dubi agogo. Bayan minti biyar layi ɗaya ne ya fito.

"Hajiya, babu ciki," in ji ta. "Amma za mu sake bayan mako guda don hankalinki ya kwanta. Kafin nan kada a ba ta komai sai abinci."

A cikin makon nan nonon yarinyar ya fara ciwo, mararta ta yi nauyi, zargi ya dawo sabo. Gwaji na biyu ranar 5 ga Yuli shi ma layi ɗaya. Ranar 9 ga Yuli jini ya zo, kwana 60 cif bayan na baya.

Tambayar da uwar ta yi tambaya ce mai ma'ana, kuma ita ce inda mutane da yawa ke ruɗewa: in dai jarrabawa ce, me ya sa jinin bai zo ba da zarar an gama?

Amsar tana cikin yadda al'ada ke tafiya. Mahaifa ba ita ke yanke wa kanta ranar zubar da jini ba. Umarni daga ƙwaƙwalwa yake fitowa. Wani ɗan sashe a ƙasan ƙwaƙwalwa ne ke aika sinadarai ta cikin jini zuwa ga ma'ajiyar ƙwan mace, su sa ƙwai ɗaya ya nuna ya fito. Bayan fitar ƙwan, in bai haɗu da maniyyi ba, sai shimfiɗar da mahaifa ta tanada ta zube, wato jinin haila. Tazarar da ke tsakanin fitar ƙwai da zuwan jini kusan kullum wajen kwana 14 ce, ba ta cika canzawa ba. Abin da ke tsawo ko gajarta shi ne kwanakin da ke gabanin fitar ƙwan.

To wannan sashe na ƙwaƙwalwa shi ne kuma ke sa ido kan yunwa da rashin barci da tsoro da ciwo. Idan suka taru suka yi yawa, jiki yana ƙara fitar da sinadarin damuwa da likitoci ke kira kotisol, sai saƙon da ke zuwa ga ƙwai ya yi rauni ko ya tsaya. Kamar manomi ne da ya ga ruwa bai zauna ba ya riƙe irinsa. Ƙwan wannan yarinya wajen 24 ga Mayu ya kamata ya fito, daidai lokacin da jarrabawa da zazzaɓi suka haɗe mata, don haka bai fito ba. Sai da ta huta ta ci ta ƙoshi ya fito wajen 25 ga Yuni. Ƙara kwana 14 a kai, ka sami 9 ga Yuli. Ciwon nono da nauyin mara da suka tayar da hankalin gidan ma shaida ce cewa ƙwai ya fita kuma jini na tafe, domin sinadarin da ke kawo su bayan fitar ƙwai shi ne dai ke kawo su a farkon ciki. Shi ya sa ba a rarrabe biyun da alamu.

Duban goggo kuwa, da girmamawa, ba gwaji ba ne. Yarinyar da ta tashi daga zazzaɓin cizon sauro tana iya yin fari, saboda raguwar jini. Wadda aka tsare a ɗaki ana tuhuma kuma dole jijiyar wuyanta ta harba.

Tsinken gwaji yana neman wani sinadari ne mai suna hCG, wanda jiki ke fitarwa bayan ciki ya kama a mahaifa. Ana iya amfani da shi tun daga ranar da al'ada ta saɓa. Wadda ba ta riƙe lissafin kwanakinta ba ta jira kwana 21 daga ranar da aka sadu ta ƙarshe. Fitsarin farko na safe ya fi, domin bai tsinke da ruwa ba. A duba ranar lalacewar da ke jikin ledar, kada a karɓi wanda ledarsa ta huje. Layi biyu ciki ne, ko da na biyun ya yi dishi-dishi. Layi ɗaya a gefen sama, inda wasu ke da harafin C, babu ciki. In wannan layin na sama bai fito ba, tsinken ne bai yi aiki ba, a sake da wani. A karanta a cikin mintocin da takardar ta ce. Tsinken da aka bari ya bushe yana iya nuna wata inuwar layi da ba komai ba ce, kuma ta sha tayar da rigima a banza.

Sai dai kada a mayar da damuwa mafaka. Mace in ta san an kusance ta, da yardarta ko da ƙarfi, kada ta zauna tana ce wa kanta jarrabawa ce. Ta yi gwaji. Akwai ma wani tarko a nan: tunda ƙwan jinkiri ya yi ba fasawa ba, yana iya fitowa a ranar da ba a zata ba, don haka matar aure ɗaliba da al'adarta ta tsaya tana iya ɗaukar ciki a cikin kwanakin jiran. Wadda aka yi wa fyaɗe kuma a kai ta asibiti kafin awa 72 su cika, domin a cikin wannan lokaci ne maganin kariya daga ƙanjamau ke aiki.

Jinkirin mako biyu ko wata guda bayan wahala irin wannan ba ya bukatar magani. Yarinyar da ba ta daɗe da fara al'ada ba ma tana iya kai kwana 45 tsakanin jini da jini ba tare da wani ciwo ba. Amma in wata uku suka wuce babu jini kuma gwaji na cewa babu ciki, a daina ɗora wa jarrabawa laifi, a je babban asibitin Zuru ko asibitin da ya fi kusa. Akwai matsalar ma'ajiyar ƙwai da ke zuwa da ƙuraje da gashi a haɓa, akwai ciwon maƙoƙo, akwai wadda nononta ke fitar da ruwa alhali ba ta shayarwa, akwai rama mai tsanani, kuma allurar tazarar haihuwa ita ma tana ɗauke jini. Likita ne zai rarrabe su. Abin da ba ya jiran gobe shi ne ɓatan wata tare da ciwo mai tsanani a gefe ɗaya na mara, ko ɗigon jini, ko jiri da suma. Wannan yana iya zama cikin da ya zauna a wajen mahaifa, kuma in ya fashe yana kisa cikin sa'o'i.

Kanwa da lemon tsami da ƙwayoyin da ake haɗa wa mutum a leda da jiƙe-jiƙen "wankin mara" ba su sa ƙwai ya fito, saboda haka ba su kawo al'adar da damuwa ta tsayar. Abin da suke iya kawowa shi ne amai da gudawa da ƙonewar ciki, wani lokaci har da taɓa hanta ko ƙoda.

Iyaye mata, in watan 'yarku ya ɓata a lokacin jarrabawa ko bayanta, ku fara da tambayarta yadda take ci da barci, ku sayo tsinken gwaji ku yi tsakaninku da ita, kafin dangi su ji. Ku kuma 'yan mata, kowace ta sami ɗan littafi ta riƙa rubuta ranar da jini ya fara zuwa kowane wata, domin ita ce tambayar farko da za a yi muku a asibiti.