Aikatau masu sauya wasali a Jamusanci: waɗanda ya kamata a fara da su

Yawancin aikatau na Jamusanci ba su da rigima. Machen, wato yi, yana zama er macht, in kuma aiki ya wuce a ce gemacht: ge a goshi, t a ƙeya, wasalin tsakiya bai motsa ba. Amma akwai wasu, adadinsu bai haura 200 ba, da ke sauya wasalin cikinsu. Masanin harshe Jacob Grimm ne ya raɗa musu suna masu ƙarfi. Ba su da yawa, sai dai su ne na ci da sha, barci, magana da tafiya, don haka ba yadda za a yi ɗalibi ya kauce musu.

A lokaci mai ci, sauyin yana faɗa wa wuri biyu kacal: du, wato kai ko ke, da kuma er, sie, es, wato shi ko ita. Ɗauki sprechen, yin magana. Za ka ce ich spreche, amma du sprichst, er spricht. Da an koma jam'i, wasalin asali ya dawo: wir sprechen, ihr sprecht. Nan ne sababbin ɗalibai ke tuntuɓe, su ce ihr spricht don kunnensu ya saba da i. Haka geben, bayarwa, yake komawa er gibt. A sehen, gani, da lesen, karatu, ana jan wasalin: er sieht, er liest. Masu a kuwa ɗigo biyu suke samu a ka, kamar fahren, tafiya a abin hawa, da ke zama er fährt. A kula, gehen da stehen suna da e, amma ba sa sauyawa a nan.

A ganina, siffar da ta fi cancantar a ba ta lokaci ita ce wadda ake haɗawa da haben ko sein don faɗin abin da ya wuce, domin da ita Jamusawa suka fi yin hira. A masu ƙarfi da en take ƙarewa, kuma dangi-dangi suke tafiya. Wanda ya riƙe trinken, getrunken, ya riga ya samu finden, gefunden da singen, gesungen. Schreiben, geschrieben yana jawo bleiben, geblieben. Sprechen, gesprochen ɗan ɗaki ɗaya ne da helfen, geholfen. Su fahren da schlafen sun fi sauƙi, wasalinsu na asali suke riƙewa: gefahren, geschlafen.

Wasu 'yan kaɗan sun haɗa hali biyu, su sauya wasali kuma su ƙare da t, kamar bringen, gebracht da denken, gedacht. Waɗannan sai hadda. Aikatau mai farawa da ver ko be kuma ba ya karɓar ge, shi ya sa ake cewa verstanden da bekommen.

Duk sabon aikatau da ka ci karo da shi, rubuta siffa uku a layi ɗaya, ka faɗe su da baki: sprechen, er spricht, hat gesprochen. Kada ka bar hat ko ist a baya, domin ist gefahren ake cewa in mutum ya yi tafiya.