Fuska ɗaya, haske biyu: yadda ake daidaita launin baƙar fata a fim

Yawancin finafinan Kannywood a cikin gidajen mutane ake ɗaukarsu, inda hasken rana ke shigowa ta taga, ƙwan lantarki kuma na ci a sama. Idon ɗan Adam kan daidaita hasken biyu da kansa, amma kyamara ba ta iya hakan. Hasken rana yana kusan Kelbin 5600, ya karkata ga shuɗi. Ƙwan fitila mai zare kuwa tsakanin 2700 da 3200 yake, ya karkata ga ruwan lemo. Kyamara da awo ɗaya take aiki, don haka dole wani ɓangaren fuska ya kauce.

Abin ya fi fitowa a baƙar fata, domin sheƙin goshi da kumatu yana mayar da launin hasken da ya sauka a kansa. Sai ka ga jaruma zaune a falo, kuncinta na wajen taga ya yi shuɗi-shuɗi kamar an shafa toka, ɗayan kuma ya yi jawur.

Mai gyaran launi a manhajar DaVinci Resolve yakan fara da zaɓar hasken da ya fi yawa a fuskar. Idan na taga ne, sai ya juya Temp da Tint har farin mayafin da ke wannan gefen ya koma fari sosai. Daga nan kuncin da fitila ta haska zai ƙara ja. Sai ya buɗe sabon mataki, ya kewaye wannan gefen da Power Window, ya tausasa bakin da'irar don kada a ga iyaka, ya rage ɗumin launin kaɗan-kaɗan. Ba ya kashe shi gaba ɗaya, saboda mai kallo yana ganin fitilar a ɗakin. In jarumar ta motsa, sai a sa Tracker ya bi fuskar.

Ido yana gajiya, shi ya sa ake duba Vectorscope. Akwai layin launin fata a cikinsa, wajen ƙarfe 11 na agogo, kuma fatar mutum, fara ko baƙa, kusa da shi take faɗuwa. Idan ta zame wajen kore, galibi ƙwan lantarki mai araha ne ya jawo, kuma Tint ne maganinsa.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne ɗaga haske har fatar ta koɗe, baƙa ta koma wankan tarwaɗa, dusar hoto ta fito a inuwa. Gyaran ma yana da iyaka: hoto mai bit 8 matakai 256 ke gare shi a kowane launi, mai bit 10 kuwa 1024. Idan aka matsa wa na farkon, sai fata ta yi dabbare-dabbare. Shi ya sa gogaggun masu ɗaukar hoto kan kashe fitilar, ko su sa ƙwai mai launin hasken rana, tun kafin a fara ɗauka.