Shin Ƙwai Na Ƙara Kitse A Jini? Nawa Ya Kamata Mutum Ya Ci?

Masu kiwon kajin ƙwai sun sha yi mini wannan tambaya, musamman saboda fasassun ƙwai da ba sa shiga kiret. Kasuwa ba ta karɓa, zubarwa kuma asara ce, sai su ƙare a kaskon gida.

Gaskiya ne ƙwai na ɗauke da kolestarol, wato wani nau'in kitse da ke yawo a jini. Babban ƙwan kajin gona guda yana da kusan miligiram 186, kuma duka a cikin gwaiduwa yake, farin ba shi da komai. Amma abin da mutane ba su sani ba shi ne, yawancin kolestarol ɗin da ke jikinmu hanta ce ke yin sa. In ka ci da yawa a abinci, sai hantar ta rage nata. Shi ya sa ga yawancin masu lafiya, ƙwai ɗan kaɗan yake ɗaga shi. Ko a Amurka, a 2015 sun cire iyakar miligiram 300 a rana daga ƙa'idojin abincinsu.

Abin da ya fi ɗaga kolestarol shi ne kitse mai daskarewa, irin man shanu, bota, kitsen nama da manja. Ƙwai guda yana da kusan giram ɗaya da rabi ne kawai na irin wannan kitse, alhali cokalin cin abinci ɗaya na bota ya kai giram bakwai. Ka ga kenan sau da yawa ba ƙwan ba ne mai laifi, abokan tafiyarsa ne.

Ga baligi mai lafiya, ƙwai ɗaya a rana, wato bakwai a mako, ba matsala. Ba dole sai ɗai-ɗai ba, in ka ci biyu yau ka huta gobe, lissafi ɗaya ne. Amma ɗauki mai kiwon da kullum da safe ake soya masa fasassu uku, ya haɗa da burodi mai bota. Ƙwai 21 kenan a mako, ninki uku na abin da aka ce, kuma kolestarol sama da miligiram 550 kowace safiya. Ni shawarata a nan, a raba ukun nan da yara, masu girma sun fi buƙatarsa, a kuma dafa shi ya nuna sosai, don fasasshen ƙwai na saurin ɗaukar ƙwayoyin cuta.

Mai ciwon suga, mai ciwon zuciya, da wanda aka taɓa gaya wa kitsen jininsa ya hau, wannan lissafi ba nasu ba ne, likita zai yanka musu. Akwai kuma waɗanda jikinsu ke ɗaga kolestarol da sauri in sun ci ƙwai, kuma ƙiba ko rama ba ta nuna shi. Ba ya ciwo, ba ya alama. Gwajin jini a asibiti kaɗai ke faɗa, don haka in kana cin fiye da ɗaya kullum, je a auna ka.