Wasiƙar ɗalibi ga malami kan kalmar da ta shige masa duhu

A jami'o'in Birtaniya, kowane aikin rubutu da za a ba wa maki yakan zo da takardar umarni mai ɗauke da tambayar, adadin kalmomi, ranar miƙawa da ma'aunin da za a duba aikin da shi. A cikin tambayar akwai kalmar da ke faɗin irin aikin da ake so, kuma wadda ta fi rikita baƙin ɗalibai ita ce "critically evaluate". Ƙamus yakan kai mutum ga ma'anar suka, sai ɗalibi ya zaci an ce ya tono laifin marubuta. Wani kuma, wanda ya taso a makarantar da ake yabon mai dawo da darasi yadda aka ba shi, sai ya jero abin da littattafai suka ce, shi ke nan. Duka biyun sun kauce. Abin da ake nufi shi ne a auna hujja, a nuna ƙarfinta da rauninta, sannan a yanke hukunci da dalili.

Kuskuren yana da tsada. A karatun digiri na biyu, wanda galibi shekara ɗaya ne a can, maki 50 ne na cin jarrabawa, 70 kuma na fice. Rubutun da ya tsaya kan bayani zalla, komai tsabtarsa, da wuya ya yi nisa da 50.

Kafin a rubuta wa malami, ana fara duba ma'aunin maki da littafin jagoran kwas a shafin darasi, kamar Moodle ko Canvas, domin sau da yawa amsar tana nan. Idan duk da haka abin bai fito fili ba, sai wasiƙa, wadda a yau imel ce daga adireshin jami'a. Kan saƙon ya ɗauki lambar kwas da sunan aikin, tunda malami ɗaya yana iya riƙe kwasa-kwasai da dama. Gaisuwa layi ɗaya ce, "Dear Dr" da sunan dangin malamin. Tambayar iyali da gajiya, wadda ladabi ce a gida, a can tana binne tambayar ne kawai.

A ɗauki misalin ɗalibar kiwon lafiyar jama'a da aka ba ta aikin kalmomi 2,500 kan gidan sauro mai magani wajen yaƙi da zazzaɓin cizon sauro. Idan ta rubuta cewa ba ta gane tambayar ba, a taimaka mata, malamin ba shi da inda zai kama, ƙila ya mayar da ita ga takardar da ta riga ta karanta. Wasiƙar da ke aiki tana ɗauko jimlar yadda take, sannan ta faɗi fahimtar mai ita. Ma'anarta da Hausa kamar haka: "Na fahimci cewa ana so in auna binciken da ya nuna amfanin gidan sauron da wanda ya nuna iyakarsa, in kuma faɗi inda hujja ta fi rinjaye. Haka ne, ko ana so in tsaya kan raunin hanyar binciken kawai? Kuma zan iya taƙaita bayanin ga ƙasa ɗaya?" Malami yana iya amsa wannan cikin layi biyu, ya kuma ga daidai inda fahimtar ta karkace.

Da amsar a hannu, aikin ya fito. Za ta kawo bitar Cochrane ta 2018, wadda ta nuna gidan sauro mai magani yana rage mutuwar ƙananan yara da kimanin kashi 17 cikin 100. Wannan bayani ne. Aunawa tana farawa ne lokacin da ta lura cewa manyan gwaje-gwajen an yi su kafin sauro ya saba da maganin da ake sa wa gidan a yankuna da yawa na Afirka, kuma mallakar gidan sauro daban, kwana a cikinsa daban. Daga nan ta faɗi ko sakamakon yana nan da ƙarfinsa a yau, da dalilinta. Ɗalibi zai iya gwada kansa: sakin layin da ya ƙare da abin da wane ya ce, ba tare da nuna ko maganar ta tsayu ba, bai auna komai ba tukuna.

Wasiƙar tana da iyaka. Malami zai fayyace kalma, amma ba zai faɗi amsar ba, kuma da yawa ba sa karanta cikakken daftari, don kada a fifita wani a kan 'yan ajinsa. Amsa takan ɗauki kwanakin aiki biyu ko uku, saboda haka tambayar da aka aika daren jajibirin miƙawa ta makara, jiran amsa kuwa ba ya ɗage ranar. Idan amsar ta zo ba ta warware ba, akwai sa'o'in da malamai ke warewa a mako don ganin ɗalibai a ofis, da sashen koyar da rubutun ilimi da yawancin jami'o'in suke da shi kyauta.